Waiwaye: Lokacin da allura ɗaya ke tayar da mai jinya

Mu da muka tashi a Fagam mun san zamanin da allurar fenisilin ke da kwarjini. Yaro zai kwana yana nishi da ciwon haƙarƙari, a kai shi shamagani, malamin asibiti ya kara masa abin sauraro a ƙirji, sannan ya ce a kwance wando. Kafin kasuwa ta zagayo yaron ya koma kiwo. Abin da muka manta shi ne, a wancan lokacin dubawa ce ke gaba, allura na biye.

Yau kuwa kafso ja-da-yalo na kan tire tare da alewa, mai mura ya sayi biyu, mai kaji ya sayi goma ya zuba musu a ruwa. In magani ya ƙi ci sai mu ce "jikina ya saba da shi." Jiki bai saba da komai ba, ƙwayar cutar ce ta sauya.

Na fahimci haka ne a jinyar 'yar ƙanwata. Fitsari ya riƙa yi mata zafi, ta sha ampikulos na kwana biyu daga wani kemis, da ta ji sauƙi ta ajiye. Bayan sati uku zazzaɓi ya rufe ta, ga ciwon kwiɓi, muka kwashe ta sai asibiti. Likitar da ta karɓe mu ta ce, "Baba, a kawo fitsarinta tukuna kafin mu sa allura." Raina ya ɓaci, ina ganin jan lokaci ne. Aka ɗiba, nan take aka fara mata seftiriyazon ta jijiya.

Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba. A rana ta uku mai ɗakin gwaji ya nuna mini wani ɗan faranti. An shuka ƙwayar a kai, an jera ƙananan takardu masu ɗauke da magani iri-iri. Inda magani ke ci, sai ka ga fili fes kewaye da takardar, kamar an share gindin bishiya. A wajen seftiriyazon kuwa, ƙwayar ta yi tsiro har bakin takarda. Sakamakon ya ce E. coli, da harafin R gaban sunan maganin, wato ba ya cin ta.

Fenisilin da danginsa, har da seftiriyazon, suna hana ƙwaya gina katangar jikinta ne, sai ta fashe. To wannan ƙwayar ta samu wani sinadari da ma'aikatan lafiya ke kira ESBL, wanda ke datse maganin kafin ya isa katangar. Wasu ƙwayoyin kuma famfo gare su, ja-da-yalo na shiga suna turo shi waje. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ƙwaya kan miƙa wa maƙwabciyarta wannan dabara, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Duk lokacin da muka haɗiyi kafso ba dalili, masu rauni ne ke mutuwa a hanjinmu, masu dabara su gaje fili. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi gargaɗin haka tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Abin da likitar nan ta yi yana da tsari, shi ne ake son manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su riƙe. Likita da mai haɗa magani da mai gwaji da nas sukan zauna kwamiti guda. A ɗauki abin gwaji kafin allurar farko, a rubuta dalilin ba da magani da ranar tsayar da shi, sannan bayan awa 48 zuwa 72 a dawo kan katin a tambaya: a ci gaba, a sauya, ko a tsaya? Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku: na fara ba mai jinya, na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar da komai ya ƙi. Seftiriyazon na gida na biyu, amma mu mun mayar da shi ruwan sha, har dangi kan yi fushi in ba a rataya shi ba. A shekarar 2017 ɗin ce kuma Nijeriya ta fitar da shirinta na farko kan wannan matsala.

Tsarin na da cikas. Injin renon ƙwaya na son wuta dare da rana, gwajin kuma kuɗi ne, ga nisa tsakanin ƙauyukan Gwaram da ɗakin gwaji. Idan an riga an sha kafso a gida, sau da yawa ƙwayar ba ta tsirowa a faranti, likita ya koma lalube.

Ita yarinyar, an sauya mata zuwa amikasin, wanda faranti ya nuna yana ci, ana auna jininta don lura da ƙoda. Kwana biyu da sauyin ta nemi kunu. Ranar da za a sallame mu likitar ta tambayi ko akwai ragowar kafso a gida. Da muka koma na buɗe gwangwanin da uwarta ke ajiya a ƙarƙashin gado, na ƙirga guda goma sha bakwai, kala huɗu.