"Muna Ba Da Haƙuri" Ba Ta Kunna Fitila

Akwai wata 'yar sanarwa da kowane ɗalibi da kowane ƙaramin ma'aikaci ya haddace kamar karatun allo. Kamfanin rarraba wutar lantarki zai ce yana sanar da abokan hulɗarsa masu daraja cewa za a ɗauke wuta ranar Asabar daga ƙarfe 9 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, domin gudanar da muhimmin gyara, cewa abin zai shafi unguwa kaza da unguwa kaza da kewaye, kuma yana ba da haƙuri bisa duk wata damuwa da hakan zai haifar. Mu kuwa sai mu ce madalla, an mutunta mu. To, ni ina ganin mun yi saurin godiya. Sanarwa alkawari ce tsakanin mai sayarwa da mai saye, kuma alkawarin da ba a iya kama mai shi da shi, zance ne kawai.

Kada a ɗauka ina ƙin gyara. Layin wuta na bukatar a sare rassan itatuwan da suka kusance shi, a sauya kwalaben da suka tsage a kan turaku, a duba man taransifoma. Ba mai hankalin da zai ce a tura ɗan wani ya hau layi mai ƙarfin bolt 33,000 alhali wuta na gudu a kai. Rigimata da lafazin sanarwar ce, domin kowace gaɓa tata an bar mata ƙofar gudu.

Mu fara da lokacin da take isowa. Tun a shekarar 2007 hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Nijeriya ta gindaya cewa a ba masu amfani da wuta sanarwar aƙalla kwana uku na aiki kafin a ɗauke wuta don gyaran da aka tsara. Hikimar a fili take. Mai niƙa zai gaya wa mata su kawo hatsinsu ranar Juma'a, tela zai ƙarasa ɗinkin biki, mai walda zai ɗaga alkawari, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai zai tura ruwa ya cika tanki. Sanarwar da ta fito daren jajiberi, ko da safiyar ranar bayan fanka ta riga ta tsaya, labari ce ta abin da ya wuce. An yi ihu bayan hari. Haka kuma wadda aka rubuta da Turanci kaɗai aka liƙa a inda mai niƙa ba ya leƙawa, alhali ga gidajen rediyo da ake saurare da Hausa a kowane lungu.

Sai maganar wuraren da abin zai shafa. Wannan kalma ta "da kewaye" ita ce babbar mafakar malalacin jami'i. Wuta ba ta bin iyakar mai unguwa, tana bin layin da ya taso daga tashar rarrabawa, wanda ma'aikata ke kira fida. Gida biyu na iya fuskantar juna a titi ɗaya, kowanne a kan fida dabam. Kamfani ya san kowace taransifoma da fidar da take kai, domin da wannan lissafin ne yake sanya mutum a rukunin da zai biya kuɗi. Ashe in an zo karɓar kuɗi an san gidanka sarai, in an zo ɗauke wuta sai ka koma "kewaye"? Wata sanarwar kuma takan ambaci sunan fida kurum, ta bar mai karatu yana tambayar maƙwabta ko da shi ake.

Gaɓa ta uku ita ce lokacin dawowa, kuma nan ne aka fi cin amanarmu. Ga yadda aikin yake. Da ƙarfe 9 za a buɗe makatsar layin, a tabbatar babu wuta, a ɗaure wayoyin da ƙasa don kare ran ma'aikata, sannan a ba shugaban ayari takardar izinin aiki. In an gama, sai kowa ya sauko, a kwance ɗaurin ƙasa, a mayar da takardar, kafin a sake sakin wuta. Akwai kuma wata matsala da kowane injiniya ya sani: layin da ya yi awa bakwai a kashe, in aka sake shi, firji da famfo da injin niƙa duk za su ja wuta a lokaci guda, nauyin ya zarce na kullum, har makatsa ta sake faɗuwa. Alamarta ita ce wuta ta zo, yara su yi sowa, bayan minti biyu ta tafi. Duk wannan sananne ne tun kafin a rubuta sanarwar. Saboda haka in an rubuta ƙarfe 4 alhali aikin hannu kaɗai aka lissafa, an san ba za a cika ba. In kuwa wani abu ya ɓaci a tsakiyar aiki, me ya hana sanarwa ta biyu da ƙarfe 4 ɗin, ta ce sai ƙarfe 8? Firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyin abinci kamar awa huɗu ne kawai. Mai sayar da kifi da mai ajiye magani suna bukatar gaskiya don su san ko su nemi ƙanƙara.

Yanzu mu zo kan haƙurin. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin za su samu aƙalla awa 20 a rana. Cire awa 7 daga 24, saura 17, ko da an dawo da wutar a kan kari kuma ba ta ƙara ƙiftawa ba. An karya sharaɗin ranar ke nan. Amma umarnin da hukuma ta bayar a lokacin ya ce sai an gaza kwana biyu a jere kamfani zai fito ya yi bayani, sai an gaza kwana bakwai a jere za a sauke fidar daga rukunin. Gyaran yini guda ya sulale ta ƙarƙashin wannan shinge. Mai mita ya ɗan tsira, tunda abin da bai sha ba ba zai biya ba, sai dai kuɗin man janareta. Wanda ba shi da mita, ake yi masa kuɗin ƙiyasi, ba shi da hanyar gane ko an rage masa ko kwabo saboda wannan yinin.

A zamanin Nepa, wadda aka kafa a 1972, ana iya cewa hukumar gwamnati ce, talaka ya yi haƙuri da uwa. Amma tun watan Nuwamba na 2013 aka miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanonin 'yan kasuwa. Ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin mudu ya auna maka rabi, ba a rabuwa da shi a kan "yi haƙuri".

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba: kwana uku cikakku, da Hausa, a rediyo; sunan fida tare da sunayen unguwanninta duka; lokacin da wuta za ta shiga gida, da sanarwa ta biyu in an makara; da bayanin abin da za a rage wa marasa mita. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ku ajiye kowace sanarwa, ku rubuta ƙarfe nawa aka ɗauke, ƙarfe nawa aka dawo. Da wannan takarda ake shiga ofishin ƙorafi na kamfani, in bai saurara ba a wuce zauren sauraron koke na hukuma. Wasunmu gobe su ne za su zauna a kujerar rubuta irin wannan sanarwa, kuma ranar za mu nemi su rubuta mana ƙarfen da za su iya cikawa.