Raddi ga mai cewa alfarma aka yi wa Mena

Akwai wani ɗan'uwa a gidan kallon ƙwallo na Gidan Katta da ya mai da wata magana waƙa a bakinsa. Cewa yake idan ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a maki, bambancin ƙwallaye kaɗai ne adalci, duba karawar juna kuwa ƙulla-ƙulla ce ta mutanen ofis. Hujjarsa ita ce yadda Mena ta Nijar ta je gasar cin kofin Afirka ta 2012. Da yake Konni na nan kusa da mu, tsokanar maƙwabta ta fi yawa a zancen, amma tunda ya kira ta hujja, bari a auna ta.

Ya ce Nijar ce ta fi kowa rauni a cikin ukun da suka yi daidai. A lissafin ƙwallaye haka ne. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowacce ta gama da maki 9. Nijar ta ci 6 an ci ta 8, Afirka ta Kudu ta ci 4 an ci ta 2, Saliyo ta ci 5 an ci ta 5. Sai dai ƙa'idar CAF ta ce a ware wasannin da masu kunnen dokin suka buga a tsakaninsu. Nijar ta doke Saliyo 3-1 da Afirka ta Kudu 2-1 a Yamai, ta sha kashi a gidajensu, maki 6 ke nan. Sauran biyun kowacce ta doke Nijar sau ɗaya, suka yi canjaras ba ci sau biyu a tsakaninsu, maki 5 kowacce. Ya kamata ɗan'uwan namu ya lura kuma da inda ramin Nijar ya fito: ƙwallaye 3 daga cikin 8 ɗin Masar ce ta zura mata a wasan ƙarshe, Masar da ta ƙare a ƙasan rukuni.

Ya ce ai Afirka ta Kudu ta fi Nijar ko a karawar junan, 2-0 a gida da 1-2 a waje. Da su biyu ne kaɗai a maki 9, da maganarsa ta tsaya. Su uku ne, kuma ba a fitar da Saliyo daga lissafi don a gyara wa wani hujja.

Ya ce an yi musu bazata, har 'yan wasa suka yi rawa a filin Nelspruit ranar 8 ga Oktoba 2011 kafin a sanar da su ba su wuce ba. Rawar an yi ta, amma ƙa'idar tana rubuce tun kafin a buga wasan farko. Koci Pitso Mosimane ya ji Masar na cin Nijar, ya ɗauka canjaras ya ishe shi, ya sa yaransa suka riƙa kashe lokaci alhali nasara suke buƙata.

Inda maganarsa ta fi rauni shi ne cewa bambancin ƙwallaye ba ya karɓar maguɗi. A watan Yuli 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suna daidai a maki, ƙwallaye ne za su raba su. Ta farko ta ci Akurba 79-0, ta biyu ta ci Babayaro 67-0, mafi yawa bayan an dawo hutun rabin lokaci. NFF ta haramta wa 'yan wasan da jami'an shiga harkar ƙwallo har abada. Dalilin a fili yake: wannan ma'auni yana ƙirga abin da ka yi wa ƙungiyar da ba ta da sauran abin karewa, ita ce kuwa mafi sauƙin saye.

Ba na cewa karawar juna ba ta da aibi. A gasar Turai ta 2004, Sweden da Denmark sun shiga wasansu da sanin 2-2 zai fitar da Italiya ko da ta ci Bulgeriya, aka kuwa tashi 2-2. Haka a gasa mai wasa 38, mai son bambancin ƙwallaye yana da abin faɗi, tunda wasa biyu kaɗan ne a kakar wata tara. Da shi Manchester City ta ɗauki kofi a 2012, ita da United a maki 89. Amma Sifaniya, wadda ɗan'uwan namu ba ya fashin kallonta, ta ba Real Madrid kofin 2007 a kan Barcelona da ta fi ta ƙwallaye nesa ba kusa ba, saboda 2-0 a Bernabeu da 3-3 a Camp Nou. Shi ɗan Madrid ne, kuma ban taɓa jin ya kira wancan kofin alfarma ba.