Mai Neman Aiki Ba Bawa Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zauna mana a ka tun daga gida, wai mai neman aiki ba ya zaɓen lokaci, duk sa'ar da aka kira shi sai ya ce to. Ni dai na ce wannan magana ba ladabi ba ce, tsoro ne aka naɗa masa rawani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da wani abokin kwanana a zangon karatun da ya wuce. Wani kamfani a Legas ya aiko masa da imel ran Alhamis, ana gayyatarsa intabiyu ta bidiyo, ko dai Talata da ƙarfe 10 na safe, ko kuwa Juma'a da ƙarfe 1:30 na rana. Talatar nan yana da jarrabawa daga 9 zuwa 12, ɗayan kuwa lokacin masallaci ne. Sai ya yi ta jujjuya wasiƙar har kwana huɗu bai ce uffan ba, wai yana jin nauyi. Da ya amsa ran Litinin da dare, aka ce masa an riga an cike gurbi.

To, wa ya kashe shi? Ba jarrabawa ba ce, shirunsa ne. Jami'in ɗaukar ma'aikata bai san jadawalinka ba, shi dai ya duba sa'o'in da masu tantancewa ke da sarari ya aiko. Wanda ya ce ba zai iya Talata ba, ana iya sake masa rana. Wanda ya yi gum kuwa, sai a ɗauka ba ya so.

Abin da ya kamata ya yi bai fi layi biyar ba, kuma a ranar da wasiƙar ta iso. Ya danna Reply a kan wasiƙar tasu, kada ya buɗe sabuwa, domin jami'in ya ga zancen duka a wuri guda. Ya yi godiya, ya nuna yana son aikin, ya ce lokutan biyu ba za su yiwu ba saboda jarrabawa da sallar Juma'a. Iyakar uzurin ke nan. Ba a bukatar tarihin rayuwarsa ko ban haƙuri shafi guda. Sa'an nan, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa, ya kawo lokuta uku nasa: Talata daga 2 zuwa 4 na yamma, Laraba daga 9 zuwa 12, Juma'a da 10 na safe, kowanne da kwanan watansa. Ku lura, biyu daga ciki suna cikin ranakun da kamfanin ya zaɓa da kansa, gama mai yiwuwa ne ranakun nan ne masu tantancewa za su zauna. Wanda ya rubuta "duk lokacin da ya yi muku" bayan ya ƙi nasu, ya mai da wa jami'in aiki ne kawai, ga kuma wata wasiƙar da za ta ci kwana biyu.

In masu kiran suna ƙasar waje, a rubuta WAT a gaban kowace sa'a. Nairobi tana gabanmu da awa 2 kullum. London kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa 1, watau 10 na safensu 11 ne a Kano. Kada kuma ka saki ranka sai an aiko da tabbaci. In kwana biyu na aiki suka wuce shiru, ka tuntuɓa da layi ɗaya.

Na san za a ce, ai akwai inda ba a ɗaga lokaci. Gaskiya ne. Jarrabawar share fage ta mutum ɗari, ko kwamitin ma'aikatar gwamnati da ke zama rana guda, da wuya su motsa don mutum ɗaya. Amma a bari su faɗa da bakinsu, sa'an nan ka auna abin da za ka iya matsarwa: lacca tana ramuwa, ma'aikaci yana iya neman izinin rabin yini wurin shugabansa, jarrabawar ƙarshen zango kuwa ba a wasa da ita.

Su ma masu ɗaukar aikin ba su kuɓuta ba. Wanda zai aiko da imel da magariba ya ce wa ɗalibin Kano ya bayyana a Legas gobe da 8 na safe, ya san tafiyar mota ce ta yini guda cur. Irin wannan ka nemi a yi ta bidiyo ko a ba ka kwana uku, ka kuma adana amsar da ya ba ka.