Nauyin Mota Ba Nauyin Wake Ba Ne

Mutanen Safo, sai yaushe za ku fara duba layin tsakiya na takardar awo?

Lambobi uku ne a jikinta. BRUT shi ne nauyin mota da kayanta. TARE shi ne nauyin mota ba kowa ba komai. NET shi ne abin da ya rage in an cire na biyu daga na farko, kuma a kansa ake biyan kuɗi. Idon kowa yana kan NET, alhali ɓarnar a TARE ake yin ta. Duk kilo ɗaya da aka ƙara wa mota, daga buhun manomi aka yanke shi.

A ɗauka ƙungiyar manoma ta tara wake buhu 200, kowane an ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 100. Tan 20 ke nan. Babbar mota ta kwasa zuwa Maraɗi, ta hau babban sikeli, ya nuna kilo 32,000. Nauyinta na gaskiya 12,000 ne. Aka sauke kaya a sito, ta tafi, ta dawo awo na biyu, sai ga 12,400 a takarda, wake ya koma 19,600. Mota ce ta yi ƙiba tsakanin azahar da la'asar?

Ba ta yi ba. An biya gidan mai an zuba mata gazuwal lita 200, wanda nauyinsa ya kai kilo 170. Direba da yaransa biyu, da suka sauka lokacin awon farko, yanzu suna zaune a ciki, kusan kilo 200. An jefa jarkar ruwa a baya. Kilo 400 sun haɗu, buhu huɗu cur. In an yi ciniki kilo dala 60, wato sefa 300, jika 120 ta tafi ba wanda ya sa hannu a aljihun kowa.

Wasu masu sito ma ba sa wahalar da kansu da awo na biyu. Sai su ce ai nauyin motar yana cikin na'ura tun bara. Wace bara? Tun lokacin an sauya taya, an sauya katakon bodi, ran nan tanki cike, yau rabi. Mota ba dutse ba ce da nauyinta zai tsaya wuri guda.

Kuma ba su ƙoshi ba. A takardar biya sai a sake cire "nauyin buhu", kilo ɗaya a kowane. Ku ɗauki buhun roba wanda ba komai a ciki ku aza a sikelin mai shago, da wuya ya kai giram 200. Buhu 200 hakkinsu kilo 40 ne, an cire 200. Kilo 160 na wake sun bi iska, jika 48. A lodi ɗaya an ci jika 168, gumin mutanen da suka yi damina a duƙe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ciniki ya juya. In su ne ke sayar mana da taki, nan take motar take ramewa: kowa ya sauka, a fitar da tayar ajiya, a auna ta fayau, sai an yi lodi a mayar da komai mu biya kuɗin ƙarfe da sunan taki. Ashe sun san yadda abin yake aiki. Kuma su ne a sahun gaba a masallaci, suna jin ana karanta Suratul Muɗaffifina kan masu tauye awo suna gyaɗa kai. Sun ɗauka mai tiya a kasuwa kaɗai take nufi?

In an yi magana sai a ce kuskuren na'ura ne. Babban sikeli yakan ƙirga ne da kilo ashirin-ashirin, saɓanin 20 ko 40 ba abin faɗa ba ne. Amma 400? Kuma wane irin kuskure ne wanda kullum gefen mai sito yake faɗawa?

Wakilan ƙungiyoyi ma da nasu laifin. An tura mutum ya raka kaya, ya tsaya awon farko, sannan ya tafi cin tuwo ya bar mota ta hau na biyu ba shaida. Don me aka biya masa kuɗin hanya?

Takardar kirki tana ɗauke da lambar mota da lokaci biyu, na BRUT da na TARE, duka a rana ɗaya kuma kusa da juna. In TARE ba shi da lokaci, ko an rubuta shi da biro, ko lambar ta zo daidai da ta makon jiya ba bambancin ko kilo 20, a yi zargin ba a auna motar ba. Wakili ya leƙa allurar mai a awo na farko, ya sake leƙawa a na biyu. Ya ƙirga mutanen da ke cikin mota. A auna buhu 10 marasa komai a gaban kowa kafin a cire ko giram ɗaya. In mai sito ya ƙi, kada a sauke masa buhu ko ɗaya.