Kusurwar Lissafi: Auna Giginya Ba Tare da Tsani Ba

'Yan makaranta, ga tambayar wannan mako. Ladi ta tsaya mita 20 daga gindin giginya, ta hango ƙololuwarta a kusurwar 35°. Idonta yana mita 1.5 daga ƙasa. Nawa ne tsayin giginyar?

Mu fara zana alwatika mai kusurwar 90°. Mun san gefen ƙasa, muna neman gefen tsaye. Tunda dogon gefe bai shigo ba, babu ruwanmu da sayin ko kosayin, tanjan za mu ɗauka:

20 × tan 35° = 20 × 0.7 = 14

A nan maki ke zubewa, domin daga idon Ladi muka auna. Sai mu ƙara 1.5, amsa ta zama mita 15.5.

Idan kalkuleta ta ba mu 0.47 maimakon 0.7, tana kan RAD ne. Mu mayar da ita DEG.