Wa Zai Tsaya Ya Amsa Mana?

Jama'ar Funtuwa da Malumfashi, manoma da 'yan kasuwa, ku ba mu aron kunnuwanku. A watan Fabrairu na 2024 wakilai 60 a Majalisar Wakilai ta Abuja suka kawo shawara a bar mulkin Shugaban Ƙasa da Gwamna, a koma ga mulkin Firayim Minista da Firimiya irin na Jamhuriya ta Farko. Waɗansu sun ce wannan zancen 'yan boko ne. Mu kuwa mun ce zancen taki ne da hanyar kai masara kasuwa.

A ce damina ta sauka, takin gwamnati bai iso Ƙafur ko Bakori ba. Wa za mu riƙe? Kwamishinan Gona ba mu muka zaɓe shi ba. Gwamna ne ya naɗa shi, Gwamna ne kaɗai ke iya sallamarsa. Wakilinmu na iya sa Majalisa ta kira shi ta yi masa tambayoyi, amma in ya gama bayani sai ya shiga motarsa ya koma ofis.

To, Gwamnan fa? Ku ji yadda sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999 ya shirya tsige shi. Majalisar Katsina kujera 34 gare ta. Sai wakilai 12 sun sa hannu a takardar ƙara. Sa'an nan sai 23 sun yarda a yi bincike. Sa'an nan Babban Joji ya naɗa mutum 7, a ba su wata 3. In sun same shi da laifi, sai an sāke samun 23. Kuma ba a tsige Gwamna don ya kāsa aiki, sai da babban laifi. Watau idan mutum 12 suka tsaya masa, ya yi barcinsa shekara 4, ko da auduga ta ruɓe a gona.

Kada wani ya ce ba mu taɓa ganin an ja wannan takobi ba. Mun gani, lokacin ƙasarmu tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A 1979 talakawa suka zaɓi Malam Balarabe Musa na PRP, amma NPN ta kwashe kujera 64 cikin 99 na Majalisa, da Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa a kujerar Kakaki. Gwamna ya kawo sunayen kwamishinoni, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, suka ƙi amincewa. Jiha ta zauna ba kwamishina har ranar 23 ga Yuni 1981 da suka tsige shi. Duk da su ke da rinjaye sai da aka kwashe wajen shekara biyu ana jan igiya, talaka na tsakiya. Wannan ba bin kadin haƙƙinmu ba ne, kokawar jam'iyyu ce.

A mulkin Firimiya kuwa, ba mai zama Minista sai ɗan Majalisa. Sai ya zauna cikin zaure, wakilin Malumfashi ya miƙe ya ce masa, "Ina takinmu?" ya tashi ya amsa a gaban 'yan hamayya. In gwamnati ta gaza, ba joji, ba wata 3. Ƙuri'ar rashin amincewa ce kurum, 18 cikin 34, a yini guda. A Ingila, a watan Maris na 1979, gwamnatin Callaghan da ƙuri'a ɗaya tak ta fāɗi, 311 da 310, aka koma zaɓe.

Amma fa ba za mu sayar muku da biri a sama ba. Da a ce wannan tsari ake bi a 1979, da Balarabe bai hau ba sam, don mai rinjaye a Majalisa shi ke kafa gwamnati. Shi ne kuwa ya soke haraji da jangali a shekarar nan. Kuma iyayenmu sun ga zamanin da NPC ta cika Majalisar Kaduna maƙil. Ana tambaya, ana amsawa, amma wa zai kā da Firimiya alhali masu ƙuri'ar yaransa ne? Ɗan hamayya kuwa in ya dawo gida, ga 'yan doka da kotun alƙali na En'e suna jiransa.

Duk da haka mun zaɓi mulkin Firimiya, domin wanda zai dawo kasuwar Ɗandume neman ƙuri'a ya fi jin kunyarmu bisa wanda aka naɗa a ɗaki. Sai dai da sharaɗi. A rubuta cikin Tsarin Mulki cewa kowane mako akwai ranar da Firimiya da kansa zai tsaya a yi masa tambayoyi, kuma kwamitin binciken kuɗin gwamnati ɗan hamayya ne zai shugabance shi. Wanda ya sauya jam'iyya kuma ya ajiye kujera ya dawo mu sāke zaɓe, don kada a riƙa sayen wakilai kamar tumaki ranar kasuwa.

Ba a iya canja Tsarin Mulki sai Majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, ta Katsina kuwa tana cikin waɗanda za a tambaya. Saboda haka duk ranar da wakilinku ya zo gaisuwa ko ɗaurin aure, ku tare shi ku tambaye shi gefen da zai ɗaga hannu, da dalilinsa.