Tattasan Komadugu ko hannun jarin Abijan: ina mai albashi zai sa guminsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, tambaya ɗaya ta yawaita a bakin masallaci bayan sallar la'asar, mafi yawa daga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Mutum ya tara miliyan ɗaya na sefa daga albashinsa cikin shekara uku ko huɗu. Ƙaninsa yana cewa a kawo a sayi busasshen tattasai a ajiye. Ɗansa da ya yi karatu a Yamai yana cewa a sayi hannun jari, kuɗi su yi aiki mai su yana barci. Wanne ya fi, kuma wanne ya fi kusa da tsira ranar da za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa da inda ya sa ta?

Ra'ayina shi ne sana'ar hannu ta ci gaba da zama babban jari ga mutumin Diffa, da sharaɗi biyu: a yi mata lissafin gaskiya, kuma kada ta cinye ajiyar gida dukanta. Zan faɗi dalilina, mai ilimi ya gyara mini inda na karkace.

Mu fara da lissafin, domin a nan ne akasarinmu muke ruɗin kanmu. Farashin da zan kawo misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwar bana a gurbinsa. Malam ya ba ƙaninsa jaka 1000. A lokacin da tattasai ya cika kasuwa an sayi buhu 36, kowane jaka 25, kuɗi sun kama jaka 900. Sauran jaka 100 sun tafi ga buhuna, ƴan dako, amalanke da hayar ɗakin ajiya. Bayan wata biyar buhu ya kai jaka 35. A nan malam zai gaya wa abokansa cewa ya ci ribar 40 cikin 100, tunda 25 ta koma 35.

To, a buɗe ɗakin ajiya. Tattasai yana raguwa idan ya daɗe, wani ya dushe ya rasa jansa, wani danshi ya taɓa shi. Mu ce abin da ya tafi ya kai buhu 2. Saura 34, a jaka 35, sun ba da jaka 1190. Ribar ke nan jaka 190, wato 19 cikin 100. Ƙanin da ya yi zirga-zirga yana da rabi, malam ya tashi da jaka 95. Idan kuwa an ba wani ɗan kasuwa buhu 6 bashi bai biya ba tukuna, jaka 210 suna waje, abin da ke hannu jaka 980 ne, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. In kuma cinikin da naira aka yi, kamar yadda aka saba a kasuwanninmu, sai a tuna abin da ya faru daga watan Yunin 2023, lokacin da Najeriya ta saki darajar kuɗinta: wanda ya sayar a naira ya jira wata biyu kafin a biya shi, ya canza zuwa sefa, sau da yawa ribarsa a hannun ɗan canji ta narke.

Duk da haka jaka 95 cikin wata biyar ba abin rainawa ba ne, kuma halal ce tsantsa idan an tsare ƙa'ida. Wannan mu'amala sunanta kiradi, tana cikin Risala da muka karanta a zaure tun muna yara, sai dai mun bar ta a littafi. Mai dukiya ya ba da tsabar kuɗi, mai aiki ya yi fatauci, a yanka rabon riba tun farko: rabi, ko sulusi, ko abin da aka yarda. Bai halatta malam ya ce wa ƙaninsa "ka riƙa ba ni jaka 15 kowane wata" ba, domin wannan kuɗin ruwa ne ko da tsakanin wa da ƙane. Bai halatta ya shardanta masa lamunin uwar kuɗi ba. Idan hasara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ya yi hasarar kuɗinsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Mai aiki kuma ba shi da ikon sayarwa bashi sai da izini. In ya ba da buhu 6 ɗin nan bisa gaban kansa, shi zai biya. Ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi, uwar kuɗi ta cika. Ku rubuta wannan a takarda da shaidu biyu. Kunyar rubutu tsakanin ƴan'uwa ta raba gidaje da yawa a garin nan, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Sharaɗi na biyu kuwa tarihinmu ne ya koya mana shi. A watan Fabrairun 2015 aka kai hari Diffa da Boso, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka taƙaita taki da man fetur, aka hana cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa kuɗinsu na isa hannun Boko Haram. Hanin tattasai bai ɗagu ba sai a 2017, na kifi sai a 2019. A shekarar 2019 ɗin kuma Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta, Komadugu ta yi ambaliya a watan Oktoba ta shafe gonakin tattasai da shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka watanni. Duba da kyau: wanda ya sa kuɗinsa a tattasai, ya ƙara da injin ban-ruwa, ya sayi babur ya ba yaro haya, yana ganin ya raba ƙafa gida uku. Alhali duka ukun a bakin kogi ɗaya suke, kasuwa ɗaya suke kallo, doka ɗaya ta tsayar da su rana ɗaya. Daga Shetimari zuwa Geskeru babu wanda bai san gidan da haka ta faɗa wa ba.

A nan hujjar ɗan malam take da ƙarfi, kuma ban yarda a kore ta da cewa "abin Nasara ne" ba. Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, tarayya ce, asalinta halal idan aikin kamfanin halal ne. Haka majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a Jidda a 1992. Ƙasashenmu takwas masu sefa suna da kasuwa ɗaya, BRVM, a Abijan, tana aiki tun 1998. Kamfanin waya irin su Sonatel na Senegal bai san cikar Komadugu ba, kuɗinsa sefa ne, sefa kuma a ɗaure take da yuro. Mai hannun jari yana iya sayar da kaɗan ya bar saura, abin da mai buhu 36 a ɗaki ba ya iyawa ranar da hanya ta rufe.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Abin da ya fi kusa da hannun ɗan Nijar a wannan kasuwa shi ne ya fi nisa da halal. Kamfanin ƙasarmu da ke cikinta, BOA Niger, banki ne mai mu'amala da kuɗin ruwa. Takardun bashin gwamnati, waɗanda ake tallata su da cewa ba su da haɗari, rance ne da ƙari sananne, hukuncinsu a bayyane yake. Ko ta fuskar duniya ma, a lokacin takunkumin 2023 ƙasarmu ta kasa biyan masu irin waɗannan takardu a kan lokaci. A cikin jerin akwai kamfanin giya, akwai na taba. Wanda aikinsa halal ne ma sai an duba littafinsa: ma'aunin da hukumar AAOIFI ta sa shi ne bashin ruwan da ke kansa kada ya wuce 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin haram da ke shiga masa kada su wuce 5 cikin 100, kuma mai hannun jari ya fitar da wannan kaso daga ribarsa ya bayar, ba da niyyar neman lada ba. Wasu malamai ma ba su yarda da wannan rangwame ba sam. Akwai sukuk, waɗanda aka gina a kan hayar kadara. Senegal ta fitar a 2014, Kodebuwa a 2015, Najeriya a 2017. Sai dai ba kullum ake samun mai sayarwa ba.

Sannan ba a saye sai ta hannun dillali mai lasisi, irin kamfanonin da ake kira SGI, kuma tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 1300. Idan muka ƙaddara rabon ribar shekara 7 ko 8 cikin 100, miliyan ɗaya zai kawo jaka 70 ko 80, a cire ladan dillali, farashin hannun jarin kansa kuma yana iya faɗuwa. Wanda ya turo maka saƙo a waya yana alkawarin ninka kuɗi cikin wata, wannan ba kasuwar hannun jari ba ce. A tambayi mutanen Najeriya labarin MMM a ƙarshen 2016.

Don haka da ni ne malam, zan fara ware kuɗin cefanen wata uku in ajiye su tsaba. Abin da ya rage, kashi biyu cikin uku su shiga kiradi rubutacce a sana'ar da na sani, nake iya zuwa in ga kayan da idona. Kashi ɗaya ya fita daga kwarin Komadugu gaba ɗaya: hannun jarin da aka tace, ga wanda zai iya karanta lissafin kamfani ko yake da amintaccen da zai karanta masa, ko sukuk in an samu. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya shiga abin da bai san hukuncinsa ba. Ya sa kason a zinariya, ko a tumaki can arewa nesa da kogi.

Saura zakka, wadda ake yawan mantawa. A mazhabar Imamu Malik tattasai ba ya cikin amfanin gona da ake fitar wa ushiri. Amma wanda ya saya don kasuwanci, kayan fatauci ne a hannunsa. Idan mai jujjuyawa ne, yana saye yana sayarwa kullum, zai ƙiyasta kayansa idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Idan mai ajiya ne yana jiran kasuwa, kamar malaminmu, sai ya sayar zai fitar, na shekara ɗaya, matuƙar shekara ta cika a kan asalin kuɗin kuma sun kai nisabi. Hannun jarin da aka saya don a sayar, darajarsa ta kasuwa ranar cikar shekara ake dubawa. Miliyan ɗaya shi kaɗai bai kai nisabin zinariya na giram 85 ba, sai dai a haɗa shi da sauran abin da mutum ya mallaka, kuma wasu malamai da nisabin azurfa suke aunawa. Kowa ya kai lissafinsa wurin limamin unguwarsu kafin watan zakkarsa ya kama.

Allah ne mafi sani.